Imel Ɗin Taron Burtali

A ofishinmu na Illela ni ce mai rubuta imel. Ƙaramin ofishi ne na wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya, ɗaki biyu da baranda a bayan layin 'yan canji, inda tun safe ba abin da kake ji sai ana kiran sefa, kuɗin Nijar, da ƙarar baburan kabu-kabu. Shugabarmu mace ce, Hajiya muke ce mata. Tsohuwar malamar makaranta ce, kuma a duniya ba abin da ta tsana kamar taron da za a fara da hantsi a tashi da la'asar ba a yanke komai ba, sai gaishe-gaishe da rabon lemo. Saboda haka ta kafa doka: duk taron da baƙi na waje za su halarta, sai an tura musu ajanda ta imel kwanaki kafin ranar.

Na koyi rubuta wannan imel a hannunta, da faɗa da hararar da ta raka shi. A sama za a sa sunan taron da ranarsa, don mutum ya gane tun bai buɗe ba. A ciki, jimla ɗaya ta dalilin taron. Sai wuri da lokaci, sai waɗanda za su zo, sai batutuwa a jere, kowane batu da mai gabatar da shi da 'yan mintunan da aka ba shi da abin da ake son a yanke a kansa. Sai abin da kowa zai zo da shi, sai roƙon ya amsa ko zai samu zuwa. Ina rubutawa da Turanci, in sa Hausarsa a ƙasa saboda mutanen Konni da ke tsallaken iyaka. Mutanenmu na ƙauye kuwa ba ruwansu da imel, su da baki ake kai musu, sau da yawa ni ke hawa kabu-kabu in kai. Gaskiya ina son aikin. Ina jin daɗin ganin manyan mutane masu son dogon jawabi an ɗaure su da layi guda na rubutuna.

A wata bazara, ana dab da faɗuwar damina, muka shirya taro a kan burtalin da ya taso daga wajen Lafani ya bi ta gefen gonakin Tozai ya nufi iyaka. Burtali shi ne hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Wannan kuwa shekara da shekaru ana ɗan cin gefensa, wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har ya zama a wasu wurare saniya ba ta wucewa ba ta taka shuka ba. Daminar da ta wuce an fasa wa wani kai a kansa. Abin da muke so shi ne a zauna a yarda da faɗinsa, a kafa turaku na siminti kafin a yi shuka. Baƙinmu na waje huɗu ne: wani darakta daga wata ma'aikata a Sakkwato wanda sai da sa hannunsa za a kafa turakun, da mai awon ƙasa, da likitan dabbobi daga Konni, da wata mata daga Abuja wadda ofishinsu ke tallafa mana. Sarkin noma zai yi magana a madadin manoma. Wanda zai yi a madadin makiyaya kuma kawuna ne.

Yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ɗan kasuwa ne na cikin gari, mai kai albasa tsallake, amma uwata daga ruga aka auro ta, kuma duk hutun makaranta a rugar Kawu nake yin sa. Shi ya koya mini tatsa, shi ya yi ta yi mini dariya da na kasa, yana cewa hannun Bahaushiya ne, ba na nono ba ne, na kirga goro ne. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ya san burtalin nan tun yana yaro yana bin mahaifinsa. Manoma ma in gardama ta yi zafi shi suke cewa a kira.

A imel ɗin ban sa sunansa ba. Ba ma sa sunan mutanen ruga a rubutun da zai fita, don kowa ya san halin da ake ciki. Akwai 'yan bindiga a dajin, mutanen daji muke ce musu don bakinmu ya saba da kaucewa. Mutumin ruga yana tsakiya: in an gan shi da su, gari ya ce nasu ne, in an gan shi da masu kaki, daji ya ce shi ke kai rahoto. Wanda daji ya yi wa wannan zargin ba a cika samun gawarsa da wuri ba. Don haka na rubuta kawai: wakilin makiyaya zai yi bayanin hanyoyin da shanu ke bi daga Lafani zuwa iyaka. Hajiya ta duba ta ce ya yi, na tura.

Washegari amsoshi suka fara shigowa. Likitan Konni ya ce zai zo, matar Abuja ta ce za ta kwana Sakkwato ta taho da safe. Sai amsar darakta, wadda ya tura wa kowa da kowa. Ya yaba da tsarin, ya ce haka ake son aiki. Sannan ya ce tunda batun ya shafi makiyaya da iyaka, ya ga dacewar ya gayyato wani abokinsa, babban jami'in tsaro a yankin, ga shi nan ma ya sa adireshinsa a cikin amsar don ya ga ajandar.

Na karanta, na sake karantawa. Na ɗauki kwamfutar ɗungurungum na kai wa Hajiya. Ta sa tabarau ta karanta, ta cire, ta ce, "Inna lillahi. Wa ya aike shi?"

Nan take ta kira shi a waya, ina tsaye ina ji. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, sannan ta lallaɓa ta ce taron na burtali ne kawai, kuma zuwan mai kaki zai iya sa wasu su kasa sakin jiki. Ina jin dariyarsa ta cikin wayar. "Haba Hajiya, ai na riga na hwaɗa mishi. In koma in ce mishi mi? Kak ka zo? Ai ba a yin haka. Zama kawai za shi yi."

Kuma gaskiyarsa ta wannan fuskar. A wurinmu babban mutum ba ya zuwa taro shi kaɗai, yana jawo wanda ya ga dama, kuma wanda aka riga aka ce masa bismilla ba a komawa a ce ya zauna gida. Ba za mu iya ɓata wa darakta rai ba, sa hannunsa muke nema. Ba za mu iya ɗaga taron ba, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma da zarar iri ya shiga ƙasa ba manomin da zai yarda a kafa turke a cikin shukarsa. Na koma kujerata ina tafasa. Mutum yana zaune a ofis mai sanyi a Sakkwato, ya danna abu ɗaya da yatsa, bai ma san a wuyan wa ya ɗora shi ba.

Kafin azahar abin ya ƙara lalacewa. Wani mai taimaka wa darakta ya ɗauki hoton imel ɗin ya sa a wani guruf na waya na masu ruwa da tsaki, don a san maigidansa zai shigo Illela. Daga can aka kwashe shi zuwa guruf na 'yan kasuwar shanu. Wani ɗan canji da ke bakin ƙofarmu ne ya nuna mini a wayarsa, yana cewa, "Malama, ashe babban taro za ku yi." A hoton, amsar darakta ce a sama da maganar jami'in tsaro, a ƙasa kuma ga layina na wakilin makiyaya da hanyoyi zuwa iyaka. Duk wanda ya ga biyun a haɗe ya san abin da zai fahimta. Rashin suna bai ɓoye kowa ba, don daga Lafani har Tozai ko yaro ka tambaya wa ke magana da yawun makiyaya zai nuna maka rugar Kawu.

Da safe na hau kabu-kabu na tafi. Hanyar da na sani tun ina yarinya ce, amma ran nan duk babur ɗin da ya taho ta bayanmu sai na yi ta waiwaye har ya wuce. Na tarar da Inna, matar Kawu, tana wanke ƙorai. Ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba, sannan ta ce a hankali, "Jiya mun yi baƙi."

Mutum biyu ne a kan babur ɗaya, fuskokinsu a naɗe. Sun yi sallama kamar kowa, sun ce sun zo gaida tsoho ne. Aka ba su nono suka sha. Suka tambayi lafiyar shanu, suka tambayi wace rana ce Kawu zai shiga Illela. Ba su ɗaga murya ba, ba su nuna komai ba, sun ma yi godiya da za su tafi. Inna tana ba ni labari tana ta goge ƙwarya ɗaya wadda ta daɗe da fita.

Kawu yana ƙarƙashin aduwa yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsokane ni kamar kullum, ya ce 'yar birni ta zo shan nonon banza. Ban iya yin dariya ba. Na ce, "Kawu, don Allah kak ku zo taron ga. Sai in ce ma Hajiya ba ku da lahiya."

"Lahiyata lau, ɗiyata."

"Kawu, kun san abin da ni ka nuhi."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, "Na ba Hajiya magana, na ba sarkin noma magana. In ban zo ba, mutanen gari su ce na ji mai kaki za shi zo, na ɓoye, ke nan ina da abin ɓoyo. In na zo, waɗancan su ce na kai su. To tunda dut inda na juya magana ta, gara in tahi inda nic ce za ni."

Na ce a tura wani. Ya dube ni ya ce, "Wa? Ɗan wa za ni turawa shi zauna inda ni ka jin tsoro?" Ban taɓa jin ya ambaci tsoro da bakinsa ba sai ran nan, kuma ya faɗe shi ne kamar yana faɗin farashin dusa. Na yi kuka a gabansa, abin da ba a yi. Ya kau da kai ya ba ni lokaci in share fuskata.

Da na dawo na gaya wa Hajiya komai. Ta gama ji, sannan ta ce, "Ba mu iya hana mutumin ga zuwa. Amma muna iya hana shi magana. Buɗe kwamhuta."

Muka rubuta imel na biyu, muka sa masa suna sabuwar ajanda, wadda ta maye gurbin ta farko. Na maido batun Kawu ya zama na farko bayan addu'a, don ya gama ya tafi da wuri. Na sauya layinsa ya koma: faɗin burtali a yadda aka gada. A jerin mahalarta muka sa jami'in a matsayin mai sauraro, muka yi masa maraba da kalmomi masu daɗi, ba mu ba shi batu ko ɗaya ba. Muka ƙara wani sashe da ba mu saba sawa ba, na abin da taron ba zai taɓa ba, a ƙarƙashinsa muka rubuta cewa ba za a tattauna tsaro ko zirga-zirgar mutane ba, duk mai irin wannan magana ya kai ta inda ake yin ta. Muka ce ba ɗaukar hoto. Sai Hajiya ta sa yatsa a kan layin ƙarshe na ajandar, wanda kowace ajanda ke ƙarewa da shi, wato sauran batutuwa, ta ce, "Goge wanga. Ta nan a ka shigowa."

Wannan karon na zuba adireshin kowa a gurbin da ba sa ganin juna, don kada wani ya sake amsa wa kowa ya jawo mana wani. Na roƙi kada a tura wa wanda ba a gayyata ba. Na zo dannawa sai Hajiya ta ce in cire wannan roƙon. Na ɗaga kai. Ta ce, "Na hwarko ya kai daji ba da izninmu ba. Bari wanga ma shi bi shi." Ni da kaina na ɗauki hotonsa na ba ɗan canjin nan, na ce ya sa a guruf ɗinsu. Ban sani ba ko ya kai inda na farko ya kai. Darakta ya amsa da kalma ɗaya cewa ya gani. Jami'in bai amsa ba, kuma wannan shirun ya hana ni cin abinci har ranar taron.

A wani ɗakin taro na haya muka yi shi, wanda tagoginsa ke kallon titi, daidai inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Kawu ya riga kowa zuwa, da farar riga da malfa da sandarsa. Sarkin noma ya zo da mutanensa, likitan Konni ya zo, matar Abuja da mai awo suka iso tare. Lokacin da aka rubuta ya yi, babu darakta. A al'ada ba a fara taro babban baƙo bai iso ba, ko da za a kai azahar. Ina zaune ina kallon Kawu, ina kallon taga. Duk wanda ya tsaya da babur ya leƙo sai in ce a raina wannan ne. Akwai wani mai jan rawani da ya daɗe yana shan shayi a tsallaken titi, har yau ban san ko shi wane ne ba, wataƙila bawan Allah shayinsa kawai yake sha.

Hajiya ta dubi agogo ta miƙe ta ce a yi addu'a. Sarkin noma ya ce, "Hajiya, ba mu jiran manya?" Ta ce, "An rubuta musu lokaci, kuma sun ce sun gani." Wasu suka dubi juna, amma aka ɗaga hannu.

Kawu ya fara bayani. Ya bi burtalin da baki tun daga bakin fadama, yana faɗin inda tsohuwar tsamiya take, inda garke biyu ke iya gittawa a da, inda yanzu sai a jere. Mai awo yana bi da biro a kan taswira. Na fara jin numfashina yana dawowa, ina cewa saura kaɗan ya gama in raka shi ta ƙofar baya. Sai muka ji jiniya.

Mota biyu suka tsaya a bakin ƙofa, ta bayan cike da masu kaki riƙe da bindigogi. Titin gaba ɗaya ya juyo yana kallo. Darakta ya shigo yana ba da haƙuri, jami'in na biye da shi, kowa ya miƙe. Jami'in mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya bi kowa ya gaisa, da ya zo kan Kawu sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe, yana cewa ya daɗe yana jin labarin dattijon nan. A gaban taga suke. Na ji kamar in tashi in ja labule, amma babu labule.

Aka zauna, Kawu ya ƙarasa. Bai kai ga zama ba jami'in ya gyara murya ya ce, "Baba, tunda Allah ya haɗa mu, ina da 'yar tambaya. Wannan hanya da ka kwatanta, ban da shanu, su wa kuke gani suna bi?"

Na ga hannun Kawu ya matse sanda. In ya amsa, ya mutu. In ya ce bai ga kowa ba, ya yi ƙarya a gaban mai kaki, kuma kowa a ɗakin ya san ƙarya ce.

Hajiya ta ɗaga takardar ajanda da muka raba. Da murmushinta ta ce, "Ranka shi daɗe, mun gode da zuwanka ƙwarai. Sai dai wagga tambaya tana cikin abin da munka rubuta taron ga ba ya taɓawa. Yana cikin imel da anka tura maka, ga shi nan ƙasa. Yallaɓai darakta ma ya gani ya amsa."

Darakta ya duba takardarsa. Shi ne ya yabi tsarin a rubuce a gaban kowa, ba shi da hanyar cewa a karya shi. Ya ce, "Haka ne, haka ne." Jami'in ya yi dariya ya ce to zai jira sauran batutuwa a ƙarshe. Hajiya ta ce, "Babu su yau, ranka shi daɗe." Sai sarkin noma, wanda bai taɓa ganin imel ba a rayuwarsa, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Mu dai burtali munka zo, kuma yanzu layina na. Hajiya, mintina nawa?" Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka tsallake rami. Kawu ya zauna.

Ban taɓa ganin taron da ya tafi daidai kamar wannan ba. Aka yarda da faɗin burtalin, manoma uku suka amince su janye kunyoyinsu, darakta ya sa hannu, aka sa ranar kafa turaku. Kafin kiran azahar an tashi. Matar Abuja ta rungume ni ta ce in tura mata imel ɗin nan za ta riƙa nuna wa wasu a matsayin misali. Na ce to. Idona yana kan Kawu, wanda ya ƙi bin ƙofar baya, ya fita ta gaba ya ratsa motocin ya hau kabu-kabu.

Kwanakin da suka biyo baya a kan waya na yi su. A rugar sai an hau wani tudu ake samun sabis, don haka in na kira ba ta shiga ba, ban san ko tudun ne ba a hau ba ko wani abu ne. Mahaifiyata ta daina tambayata, sai dai ta dube ni in na shigo gida, in girgiza kai. Na rubuta bayanin taro na tura wa baƙi, kowa ya amsa da yabo, ni kuwa kowace amsa ta shigo sai in ji haushinta.

Mutanen nan biyu masu naɗaɗɗun fuskoki sun sake komawa rugar. Inna ce ta gaya mini daga baya. Suka tambayi Kawu me ya faɗa a Illela, ya ce faɗin burtali. Suka ce sun ji haka, sun kuma ji an tambaye shi bai amsa ba. Sannan ɗayan ya ce amma an ga hannunsa cikin hannun mai kaki, kuma mai kaki yanzu ya san fuskarsa, gobe zai iya kiransa inda babu Hajiya. Suka ce za su riƙa leƙowa gaishe shi. Wannan karon ba su sha nonon ba.

Ranar da aka gama kafa turaku ina wurin, ni ke riƙe da takardar mai awo. An yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi, manoma suna ta barkwanci da leburori. Sai muka hango garke ya taso daga wajen Lafani. Na gane jan bijimin da ke gaba. A bayan shanun ga jakuna ɗauke da tabarmi da ƙorai da sandunan bukka, ga Inna da 'yan mata a ƙafa. Ba tafiyar kiwo ba ce, ruga ce gaba ɗaya ta tashi.

Kawu ya tsaya da ya iso inda nake. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na gaishe shi. Ya ce za su tsallaka wajen dangin Inna, can bayan Konni. Na ce har yaushe. Ya dubi turakun, ya dubi yadda shanun ke tafiya a baje ba mai gogar wata, ya ce, "Aikinku ya yi kyau, ɗiyata. Haka yake zamanin babana."

Sarkin noma ya taho da sauri, ya kama hannunsa ya ce, "Haba, yanzu da anka gyara?" Kawu ya ce, "Wasu su bi." Ya ce in gaida uwata, in ce mata bai samu shigowa sallama ba, don ba ya son a ga ya shiga gidan kowa a gari. Sannan ya bi bayan shanunsa.

Na tsaya a jikin turke na ƙarshe ina kallonsu har suka shige. Da ransa ya tafi, kuma na gode wa Allah a kan haka, har yanzu ina godewa. Amma baƙin cikin da na ji a wurin bai bar ni ba. Mai awo ya kira ni in zo in sa hannu a matsayin shaida cewa an buɗe burtali, na je na sa.